Batura Uku a Waya Ɗaya: Daga Ina Lambar da Mita ke Nunawa Take Fitowa?

Ba kowa ke da halin sayen baturan sola gaba ɗaya a rana guda ba. Mai shagon cajin waya ko magidanci yakan fara da ɗaya, baɗi ya ƙaro wani, in kasuwa ta yi kyau ya kawo na uku. Mai haɗin sola ya zo ya jera su, ya ɗaure kan ja da kan ja, kan baƙi da kan baƙi, ya ja waya biyu zuwa inbata. Wannan shi ne haɗin da masu sana'ar ke kira faralel. Bolt ba ya ƙaruwa, yana nan wajen sha biyu, amma ana sa ran wuta ta ƙara daɗewa.

A ce kafin a haɗa su an ɗora wa kowanne mita shi kaɗai. Sabon ya nuna bolt 12.8, na bara ya nuna 12.5, tsohon ya nuna 12.0. Da zarar an ɗaure su wuri guda, lambobin nan uku sun ɓace. Duk inda ka ɗora mita a kan mahaɗar, lamba ɗaya za ta ba ka, domin kawunansu sun zama ƙarfe guda. To wace lamba ce? Wani zai ce ta sabon ce, tunda shi ya fi ƙarfi. Wani zai ce tsohon zai jawo kowa ƙasa zuwa 12.0. Wanda ya ɗan yi makaranta zai tara ukun ya raba da uku, ya ce 12.43. Babu wanda ya dace a cikinsu. Amsar tana da lissafinta, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ya iya tarawa da rabawa ba.

Abu biyu ke cikin kowane reshe

Kowane batir da wayarsa, tun daga kan baƙi har zuwa inda ya haɗu da 'yan uwansa, reshe ɗaya ne. A cikin reshen akwai abu biyu. Na farko shi ne ƙarfin da batirin ke tura wuta da shi, wanda mita ke nunawa da bolt idan ba a ɗora masa kaya ba. Masu lissafi suna rubuta shi da harafin E. Na biyu shi ne turjiya, wato cikas ɗin da wutar ke gamuwa da shi a hanyarta ta fita: a cikin farantan darma da ruwan batir, a kan batirin inda aka ɗaure noti, da kuma tsawon wayar kanta. Ana auna ta da om, ana rubuta ta da R. Turjiyar batir ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai ko om ɗaya ba, shi ya sa mutane da yawa ke mantawa da ita. Amma ita ce ke yanke hukunci a wannan magana.

Ka ɗauki tankunan ruwa uku a kan soro, kowanne da iyakar inda ruwansa ya tsaya, an jawo famfo daga ƙasan kowanne zuwa mahaɗa guda. Na farko ruwansa ya fi tudu kuma bututunsa kauri gare shi. Na uku ruwansa ya yi ƙasa, bututunsa kuma siriri ne. Matsin ruwa a mahaɗar zai tsaya ne a tsakanin na tankunan, amma zai fi karkata wajen mai bututu mai kauri, domin shi ne ruwansa ke isowa ba wahala. Kuma ko ba a buɗe famfo a cikin gida ba, ruwa zai riƙa gangarowa daga tankin da ya cika yana hawa cikin wanda ya yi ƙasa. Tudun ruwa shi ne bolt, sirantar bututu ita ce turjiya.

Dokoki biyu ne suka mayar da wannan hoto lissafi. Ta farko ta Georg Ohm ce, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827: wutar da ke gudana a reshe ita ce bambancin bolt a raba da turjiya. Idan muka kira bolt ɗin mahaɗa V, to abin da batir ke fitarwa, da amfiya, shi ne:

```
I = (E − V) / R
```

Idan E ya fi V, batirin yana ba da wuta. Idan V ya fi E, amsar za ta fito da alamar ragi, ma'ana wuta shiga take yi cikinsa. Doka ta biyu ta Gustav Kirchhoff ce, shi ma Bajamushe, wanda ya fito da ita a 1845 yana ɗalibi: a kowace mahaɗa, abin da ya shigo daidai yake da abin da ya fita. Wuta ba ta taruwa a kan noti. Saboda haka in babu inbata ko fitila a kunne, idan aka tara wutar rassan uku, masu bayarwa da masu karɓa, dole jimillar ta zama sifiri.

Akwai V guda ɗaya tak da zai sa hakan ta tabbata. Idan aka jera lissafin aka ware shi gefe guda, ga yadda yake fitowa:

```
V = (E1/R1 + E2/R2 + E3/R3) / (1/R1 + 1/R2 + 1/R3)
```

Wannan tsari ana kiransa da sunan Jacob Millman, malamin injiniyancin lantarki da aka haifa a 1911 ya rasu a 1991. Ya bayyana shi a wata maƙala a 1940 cikin mujallar ƙungiyar injiniyoyin rediyo ta Amurka, daga baya kuma ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Columbia da ke New York. Bai ƙirƙiro sabuwar doka ba. Abin da ya yi shi ne nuna cewa in dai duk rassan suna tsakanin mahaɗa biyu ne, ba sai an yi ta warware lissafi hawa-hawa ba, layi ɗaya ya isa, ko rassan uku ne ko goma.

Mu sa lambobi

Baturanmu uku, kowanne da turjiyarsa haɗe da ta wayarsa. Sabon: bolt 12.8, om 0.02. Na bara: bolt 12.5, om 0.025. Tsohon, wanda farantansa suka gaji kuma kansa ya fara yin farin gari: bolt 12.0, om 0.1. Na zaɓi lambobin ne don rabon ya fita sumul, amma irinsu ake samu a wurin aiki.

A fara da ƙasan lissafin, wato ɗaya a raba da turjiya. Wannan yana gaya mana sauƙin hanyar kowane reshe. Na sabon ya ba da 50, na bara 40, tsohon 10. Jimilla 100. Tun a nan an ga yadda rinjaye zai kasance: a cikin ɗari, sabon yana da hamsin, na bara arba'in, tsohon goma kacal.

Sai saman lissafin, bolt ɗin kowanne a raba da turjiyarsa. Na sabon 640, na bara 500, tsohon 120. Jimilla 1260. Waɗannan lambobi ba na wasa ba ne, suna da ma'ana a zahiri: su ne amfiyar da kowane batir zai yi aman ta idan sifana ta faɗo ta haɗa kansa ja da baƙi. Wanda ya taɓa ganin yadda sifana ke narkewa ta manne a kan batir ya san abin da amfiya ɗari shida ke nufi.

```
V = 1260 / 100 = 12.6
```

Bolt 12.6 mita za ta nuna. Ya fi matsakaicin 12.43 da aka samu ta hanyar rabawa da uku, domin raba daidai yana ɗaukar cewa ukun nauyinsu ɗaya, alhali tsohon kashi goma kawai yake da shi. Raba daidai ba ya yin gaskiya sai idan turjiyar rassan duka iri ɗaya ce.

Da an sami V, sauran duk ya buɗe. A koma wa dokar Ohm reshe-reshe. Sabon ya fi mahaɗa da bolt 0.2, a raba da 0.02, yana fitar da amfiya 10. Na bara yana ƙasa da mahaɗa da 0.1, a raba da 0.025, yana shan amfiya 4. Tsohon yana ƙasa da 0.6, a raba da 0.1, yana shan amfiya 6. Goma ta fita, huɗu da shida sun shiga, lissafi ya rufe. Duk wanda ya yi wannan aiki ya riƙa yin wannan dubawa ta ƙarshe. In jimillar ba ta rufe ba, akwai inda alƙalami ya zame.

A lura, ba a kunna ko ƙwan fitila ba. Inbata a kashe take. Amma amfiya goma na zagayawa a tsakanin baturan, sabon yana ciyar da sauran. Idan duka lafiyarsu ƙalau, caji ne kawai ya bambanta, wannan zagaye zai yi ta raguwa yayin da na sama ke sauka na ƙasa ke hawa, har su kusan daidaita. Idan kuwa ɗaya ba ya riƙe caji, zagayen ba ya ƙarewa.

Idan aka kunna inbata

Kaya ma reshe ne, reshen da ba shi da bolt nasa na kansa. Idan an san turjiyarsa, a ce om 0.4, sai a sa sifiri a sama, a ƙara 2.5 a ƙasa, a raba 1260 da 102.5, a sami 12.29. Amma mai sola ya fi sanin amfiyar da inbata ke ja, kuma a nan abin ya fi sauƙi: a cire amfiyar daga saman lissafin kawai. A ce firji da fanka da 'yan fitilu sun sa inbata tana jan amfiya 30, wato wajen wat 370.

```
V = (1260 − 30) / 100 = 12.3
```

Yanzu a duba wa ke ɗauke da kayan. Sabon ya fi mahaɗa da 0.5, don haka amfiya 25 yake bayarwa. Na bara ya fi ta da 0.2, yana ba da amfiya 8. Tsohon har yanzu yana ƙasa da ita da 0.3, yana shan amfiya 3. Ashirin da biyar da takwas talatin da uku ne, a cire uku, saura talatin ɗin da inbata ke buƙata.

Wannan shi ne wurin da ya kamata mai gida ya tsaya ya duba da kyau. Ya sayi batura uku yana zaton kowanne zai ɗauki amfiya goma-goma. A zahiri sabon yana ɗauke da ashirin da biyar, tsohon kuwa ko kwabo bai sa ba, shi ma kaya ne a wuyan sauran. Da wannan lissafi, tsohon ba zai fara ba da komai ba sai bolt ɗin mahaɗa ya sauka ƙasa da 12.0, kuma hakan na bukatar kayan amfiya sittin, inda sabon zai riƙa fitar da arba'in, na bara ashirin. Batirin darma kuwa yawan zurfafa shi da jan wuta mai yawa ke cinye kwanansa. Shi ya sa ake yawan jin koke irin na "Malam, batirin nan ko shekara bai yi ba ya mutu, jabu aka sayar mini." Sau da yawa batirin ba jabu ba ne. An haɗa shi ne da waɗanda suka bar masa aikin gaba ɗaya. A ganina mai haɗin sola da ya ɗaure sabon batir a jikin gajiyayye ba tare da ya auna su ya gaya wa mai gida gaskiya ba, bai kyauta masa ba, ko da kuwa mai gidan ne ya nace.

Abin da mita ke ɓoyewa

Batirin darma mai bolt sha biyu gida shida ne a ciki, kowane gida yana ba da wajen bolt 2.1. Yakan faru datti ya taru a ƙasan wani gida ko faranti biyu su taɓa juna, gidan ya mutu. Daga nan batirin na gida biyar ne, ƙarfinsa bai wuce wajen 10.5 ba, duk cajin da za a yi masa.

A ce haka ta sami tsohonmu, turjiyarsa kuma tana nan a 0.1. Rabonsa a saman lissafi ya sauka daga 120 zuwa 105. Jimilla ta koma 1245, a raba da ɗari, bolt 12.45. Mai gida ya leƙa fuskar inbata da yamma ya ga 12.4 ko 12.5, ya ce lafiya lau. Ta faɗi daga 12.6 zuwa 12.45 ne kawai, alhali a ƙarƙashin wannan lamba sabon yana zubar da amfiya 17.5, na bara yana ƙara 2, mataccen yana haɗiye 19.5. Ba zai taɓa cika ba, don haka wutar tana zama zafi, tana kuma tafasa ruwan sauran gidaje biyar ɗin, suna fitar da iskar haidirojin wadda tartsatsi kaɗan ke kunna ta. Wutar za ta ɗan riƙa raguwa yayin da lafiyayyun ke sauka, amma kafin asuba an kwashe musu abin da rana ta tara.

Dalilin da ya sa mita ba ta tona asirin shi ne abin da muka gani tun farko: mara lafiyar kashi goma yake da shi a cikin lambar. Duk batirin da ya fi lalacewa turjiyarsa ta fi yawa, duk wanda turjiyarsa ta fi yawa tasirinsa a kan bolt ɗin mahaɗa ya fi ƙanƙanta. Lambar da ke fuskar inbata labarin batir mafi lafiya take bayarwa.

To ta yaya za a gane? Hanya mafi kusa ita ce hannu. A kashe kaya, a jira rana ta faɗi caji ya tsaya, a taɓa jikin kowane batir. Wanda ya fi sauran ɗumi alhali ba a aiki, shi ake zargi, musamman in yana ƙarar da ruwa da wuri ko cikinsa ya fara kumbura. Hanya mafi tabbas ita ce mita mai baki irin na awartaki, wadda ake maƙala wa waya ba sai an kwance ta ba. A tabbata tana auna wutar batir, domin masu arha da yawa wutar layi kaɗai suke gani. A maƙala ta a wayar kowane batir ɗaya bayan ɗaya. Tana nuna yawan amfiya, tana kuma nuna inda wutar ta dosa. Reshen da ke shan wuta da dare, inbata a kashe, kwana da kwanaki bayan an haɗa su, ya tona kansa. Daga nan sai a kwance shi, a bar shi ya huta wasu sa'o'i, a auna shi shi kaɗai. In ya tsaya wajen goma da rabi, gida ya mutu, ba kuma gyaran caji ba ne.

Akwai haɗarin da ya fi wannan gaggawa, kuma lissafin yana nuna girmansa. Idan aka juya batir ɗaya, aka ɗaura kansa ja a layin baƙi, bolt ɗinsa yana shiga lissafi da alamar ragi. Da tsohonmu na 12.0, maimakon a ƙara 120 sai a cire. Saura 1020, bolt ɗin mahaɗa ya faɗo 10.2, sabon ya fitar da amfiya 130, na bara 92, duka 222 su bi ta cikin wanda aka juya. Robar waya tana narkewa cikin daƙiƙoƙi. Wannan kaɗai ya isa hujjar sa wa kowane batir nasa fiyus kusa da kansa ja. Fiyus guda da ke kan hanyar inbata ba ya ganin wutar da ke yawo tsakanin baturan, domin ba ta bi ta kansa.

Ina ake samo R?

Bolt ɗin batir kowa ya iya aunawa, sai dai a bar shi ya huta bayan caji, don wanda aka cire daga caji yanzu yakan nuna sama da sha uku na ɗan lokaci, lambar da ba tasa ba ce ta gaskiya. Turjiya kuwa ba a auna ta da ɓangaren om na mita. Ɗora shi a kan batir mai wuta ba ya ba da amsa, yana ma iya ƙona mitar. Abin da ake yi shi ne a auna bolt babu kaya, a ɗora kayan da aka san amfiyarsa, a sake aunawa bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ƙwayayen fitilar gaban mota biyu masu wat 55 suna jan wajen amfiya tara, sun isa wannan gwaji. Faɗuwar bolt a raba da amfiya ita ce turjiya. Batirin da ya sauka daga 12.8 zuwa 12.6 a ƙarƙashin amfiya 10, turjiyarsa 0.02 ce. A yi awon a ƙarshen wayar da za ta kai mahaɗa, don turjiyar wayar ta shigo ciki.

Kuma waya ba ƙaramin abu ba ce a nan. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 6 murabba'i tana da wajen om 0.003 a kowace mita ta tsawo. Idan batir yana nesa da mahaɗa da mita biyu, zuwa da dawowa mita huɗu ke nan, om 0.012. Wannan ya kai turjiyar cikin lafiyayyen batir, ko ma ya fi ta. Mai kaurin milimita 16 ba ta kai rabin haka ba. Noti da bai ɗauru ba, ko kai mai tsatsa, shi kaɗai yana iya ƙara abin da ya wuce wannan.

Saboda haka ko batura biyu tagwaye ne, kamfani ɗaya, rana ɗaya aka saye su, waya na iya raba su. A ce kowanne bolt 12.7 ne da om 0.01, amma inbata an ɗaure ta a kan na farko, na biyun kuma an jona shi da wayar da ta ƙara masa 0.01. Sauƙin hanyar na farko 100, na biyu 50. Idan inbata ta ja amfiya 30, na kusa ya ba da 20, na nesa 10. Yayin da na kusa ke sauka rabon zai ɗan gyaru, amma kullum shi ke fara shan wahala, shi ke kuma fara karɓar caji mai yawa. Maganin ba ya cin kuɗi: a ɗauki wayar ja ta inbata daga batir na farko, ta baƙi daga na ƙarshe, don tsawon hanyar kowanne ya zo daidai. In sun kai uku ko huɗu, ya fi kyau a sa sandar jan ƙarfe biyu, ja da baƙi, kowane batir ya iso su da waya mai tsawo ɗaya da kauri ɗaya.

Iyakar lissafin

Sharaɗi na farko shi ne mahaɗa biyu kacal. Kowane reshe ya taso daga layin baƙi ya ƙare a layin ja. Idan an jera batura huɗu kamar sarƙa, kowanne yana jone da na gaba da 'yar siririyar waya, to akwai mahaɗa da yawa, kowacce da nata bolt ɗan bambanci, kuma layin Millman guda ɗaya ba zai wadatar ba sai an bi su mataki-mataki. A tsarin bolt 24 kuwa, inda batura biyu-biyu suke jere baya da baya sannan aka haɗa jerin faralel, kowane jeri reshe ɗaya ne: a tara bolt ɗinsu, a tara turjiyarsu, a ci gaba kamar da.

Na biyu, ba a sa sifiri a gurbin R. Babu batir marar turjiya, kuma rabawa da sifiri ba ya ba da amsa. Abin da lissafin ke nunawa shi ne duk lokacin da turjiya ta yi ƙasa ƙwarai, ɗan bambancin bolt yana haifar da wuta mai yawa. Baturan litiyom da suka fara yawaita yanzu haka suke. Biyu masu om 0.005 kowanne, da bambancin rabin bolt a tsakaninsu, amfiya 50 za ta ruga daga ɗaya zuwa ɗaya a lokacin da waya ta taɓa. Shi ya sa ake cajin kowanne shi kaɗai har su zo daidai kafin a ɗaure su.

Na uku, amsar ta wannan lokacin ce kawai. E yana sauka yayin da batir ke ba da wuta, R yana ƙaruwa idan caji ya yi ƙasa, yana kuma canzawa da sanyin hunturu da zafin bazara. Batirin darma ma turjiyar da yake nuna wa caji ta fi wadda yake nunawa in yana bayarwa, musamman in ya kusa cika, don haka amfiyar da muka lissafa wa masu shan wuta tana iya fin abin da mita za ta nuna bayan 'yan mintoci. Lissafin yana faɗin inda wuta ta dosa da kimanin girmanta daidai, amma ba ya faɗin ƙarfe nawa fitila za ta mutu. Faifan sola kuma ba a sa shi a matsayin E da R, domin ba ya bin dokar Ohm kai tsaye. In ana son shigar da caji, a ƙara amfiyar da na'urar caji ke turowa a saman lissafin, kamar yadda aka cire ta inbata.

Wutar layi tana bin wannan tsari ita ma, sai dai lissafinta ya fi nauyi, domin tana kai da komowa sau hamsin a daƙiƙa, kuma dole a sa lokacin da kowane layi ke kaiwa ƙololuwa a cikin lissafi. Injiniyoyi suna amfani da shi a kan matsalar da unguwanni da yawa suka sani: tsinkewar wayar nutural. Taransifoma tana fitar da layi uku, kowanne wajen bolt 230 tsakaninsa da nutural, wajen 400 kuma tsakanin layi da layi. Muddin nutural tana haɗe da taransifoma, ita ke riƙe mahaɗar gidaje a sifiri. Idan ta tsinke ko aka sace ta, gidajen da ke kan layukan uku sun zama rassa uku, kowanne da bolt ɗinsa da turjiyar kayan da aka kunna, suna haɗuwa a guntuwar wayar da ta rage tana lilo. Bolt ɗin wannan mahaɗa yana karkata wajen layin da ya fi kaya, tunda shi ne mai ƙarancin turjiya. Gidajen wannan layi sai fitilunsu su dusashe, na layin da ba kaya sosai kuwa wuta ta hau musu sama da 300, talabijin da caja da ƙwayaye su ƙone. Alamarta ita ce wani gida ya yi duhu-duhu maƙwabcinsa ya yi haske fiye da kima a lokaci guda, kuma hasken ya riƙa sauyawa duk sanda wani ya kunna hita ko injin markaɗe. Wanda ya ga haka ya sauke babban makunnin gidansa nan take, ya kira ma'aikatan lantarki su duba nutural daga taransifoma zuwa falwaya.